Mintocin Da Zuciya Ke Tafasa: Yadda Ake Koya Wa Masu Ciwon Bodalayin Jure Ƙunci

A shekarar 1961 aka kai wata yarinya 'yar shekara 17 asibitin masu taɓin hankali mai suna Institute of Living da ke birnin Hartford a jihar Connecticut ta Amurka. Ta yi wata 26 a can. Tana ji wa kanta ciwo da duk abin da hannunta ya kai gare shi, har sai da aka riƙa kulle ta ita kaɗai a ɗakin da ba komai cikinsa sai gado da kujera. Likitoci sun ce ciwon sikizofireniya ne, suka ɗura mata magunguna masu ƙarfi, suka yi mata maganin nan na jona wa kai lantarki, amma ba ta canza zani ba. Da aka sallame ta a 1963, takardar asibiti ta bayyana ta a matsayin ɗaya daga cikin marasa lafiyar da suka fi kowa rikicewa a wurin.

Sunan yarinyar Marsha Linehan. Bayan shekara hamsin, a 2011, ta koma wannan asibiti tana farfesa a Jami'ar Washington da ke Seattle, ta tsaya gaban jama'a ta ba da labarin da ta daɗe tana ɓoyewa. Ta ce a ganinta abin da ya same ta a wancan lokaci shi ne ciwon da likitoci ke kira bodalayin, ciwon da ta ƙare rayuwar aikinta tana nema wa magani. Hanyar jinyar da ta ƙirƙiro, wadda aka fi sani da haruffan DBT, ita ce aka fi yin bincike a kanta cikin duk hanyoyin jinyar wannan ciwo.

Sunan ciwon kansa ba ya bayyana komai. Wani likita a New York, Adolph Stern, shi ya fara amfani da kalmar a 1938 don marasa lafiyar da yake ganin suna kan iyaka, tsakanin damuwa irin ta kowa da cikakken taɓin hankali. An daina wannan fahimta tuni, amma sunan ya maƙale. A 1980 ciwon ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka. Bugun kundin na yanzu ya jera alamomi tara, kuma wanda ke da biyar daga ciki na tsawon lokaci ana iya cewa yana da ciwon. Daga cikinsu akwai tsananin tsoron a guje wa mutum, da hulɗar da yau zuma gobe maɗaci, da rashin sanin ko wane ne kai, da aikata abu cikin gaggawa, da fushi mai wuyar kashewa, da jin ciki fayau kamar ba komai, da ji wa kai ciwo ko yunƙurin kashe kai. Ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na da shi. A asibitoci mata sun fi yawa, wajen uku cikin huɗu, amma binciken da aka yi cikin gari ya nuna mazan ma ba a bar su a baya ba, sai dai ba su cika zuwa asibiti ba.

Linehan ta dubi waɗannan alamomi da suka yi kama da tarkace, ta ce ai duk jijiyarsu ɗaya: zuciyar da linzaminta ba ya kamawa. Ta rarrabe abu uku. Mai ciwon yana saurin jin abu, ƙaramin abin da wani ba zai ko lura da shi ba, kamar sauyin murya ko gaisuwar da aka amsa a daƙile, ya isa ya tayar masa da hankali. Idan ya ji kuma, yana ji da ƙarfi fiye da na sauran mutane. Na uku shi ne mafi wahala: yana daɗewa bai huce ba. Wani zai yi fushi da hantsi, kafin azahar ya manta. Shi kuwa har la'asar yana kan wuta, sai wani abin ya sake faɗo masa alhali na farko bai sauka ba. Linehan ta kwatanta su da wanda wuta ta ƙone wa fata gaba ɗaya, wanda ko iska ta taɓa shi sai ya yi ƙara.

A nan ne ake bambanta shi da ciwon baifola, wanda ake yawan rikita su. A baifola yanayin mutum kan hau ko ya sauka ya zauna kwanaki ko makonni, sau da yawa ba tare da wani dalili na fili ba. A bodalayin sauyin na awanni ne, kuma kusan kullum akwai wani mutum a tsakiyar maganar, wanda ya yi shiru, ko ya tafi, ko ake jin zai tafi.

Ba halitta kaɗai ke kawo shi ba. A ra'ayin Linehan, ciwon na tasowa ne idan yaro mai irin wannan zuciya ya tashi a gidan da ba a gaskata abin da yake ji. Ya yi kuka a ce shagwaɓa ce, ya ji tsoro a ce ƙarya yake, ya yi fushi a ce rashin kunya ne. Ba dole sai iyaye mugaye ba ne, sau da yawa masu ƙauna ne da ba su san irin ɗan da Allah ya ba su ba, ko da yake cin zarafi a yarinta na da yawa a tarihin masu ciwon. Yaron yakan koyi darasi biyu masu cutarwa. Na farko, kada ya yarda da abin da zuciyarsa ke gaya masa. Na biyu, ba a sauraronsa sai ya kai maƙura, sai ya yi ihu ko ya fasa wani abu.

Wannan ne ya kai ta ga sunan hanyar tata. Da farko ta gwada jinyar gyaran ɗabi'a tsantsa, wato a nuna wa mutum abin da zai canza. Marasa lafiyar suka ji kamar ana cewa laifinsu ne, suka fusata, wasu suka daina zuwa. Ta koma sauraro da rarrashi kawai, suka ce to azabar da muke ciki fa, haka za a bar mu? Sai ta gane dole a riƙe igiya biyu a lokaci guda: a karɓi mutum yadda yake a yau, kuma a tura shi ya canza. Kalmar dayalektik da ke cikin sunan wannan take nufi, haɗa abubuwa biyu masu kama da kishiyoyi waɗanda kowannensu gaskiya ne. Cikakken shirin kan ɗauki shekara guda. Kowane mako akwai ganawa ta kusan awa ɗaya da likita, da aji na kusan awa biyu da rabi inda ake koyon dabaru tare da wasu, har da aikin gida. Ana kuma ba mara lafiya damar kiran likitansa a waya idan abu ya taso. Darussan ajin kashi huɗu ne: tattara hankali kan abin da ke faruwa yanzu, zama da mutane, saita motsin rai, da jure ƙunci.

Kashi na ƙarshen nan shi ne mafi saurin fahimta, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta.

Tushensa wani abu ne da kowa ya sani a jikinsa amma ba ya tunawa a lokacin da yake bukata: duk tashin zuciya yana hawa, ya kai ƙololuwa, ya sauko, muddin ba a ƙara masa itace ba. Ɓarnar da ke rusa rayuwar masu bodalayin a 'yan mintocin ƙololuwar nan ake yin ta. A lokacin ne ake tura saƙon da ke kashe aure, ake ajiye aiki, ake ji wa jiki ciwo. Kuma akwai dalilin da ya sa ɗabi'ar ke dawowa. Wanda ya ji wa kansa ciwo yakan ji sauƙi nan take, ƙuncin ya faɗi ƙasa cikin mintoci. Ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa wannan hanya tana aiki, gobe ta sake nemo ta. Masu cewa neman a kula da su kawai suke yi sun ɓata lissafi, domin yawancinsu ɓoye tabon suke yi. Saboda haka DBT ba ta tsaya kan cewa a daina ba. Tana ba da wani abin da zai sauke wutar a madadin wancan, kuma manufarsa ƙarama ce da gangan: a ƙetare wannan lokaci ba tare da an ƙara ɓata al'amari ba. Ba a yi wa kowa alkawarin zai ji daɗi ba.

A ɗauki misalin wata mata 'yar shekara 26 da ta yi wata huɗu a shirin. Mijinta ya yi tafiyar kasuwanci. Ƙarfe tara na dare ta kira shi sau biyu bai ɗauka ba, ta tura saƙo, ta ga alamar an karanta, shiru. Daren jiya ba ta yi barci sosai ba, tun safe kuma ba ta sa komai a cikinta ba. Cikin minti biyar tunani ya jeru: ya gaji da ni, yana wurin wata, saki na zai yi. Ƙirji ya ɗaure, hannu na rawa, fuska ta ɗau zafi. A ma'aunin da aka koya mata, daga sifili zuwa 100, ta sa kanta a 95. A da, daga nan kira talatin ne, sai saƙon neman takardarta, sai abin da ya fi wannan muni.

Matakin farko shi ne ta tsaya cak, a zahiri, kamar an dasa ta. Ta ajiye wayar a wani ɗaki. Sannan ta faɗa wa kanta abin da ke faruwa ba tare da ƙari ba: bai ɗauki waya ba, ina jin tsoro, ina son in tura saƙo. Bambancin da ke tsakanin bai ɗauka ba da ya gaji da ni shi ne bambancin abin da ya faru da fassarar da tsoro ya yi masa. Amma a maki 95 wannan tunani ba ya zama. Mutumin da zuciyarsa ke dukan uku-uku ba ya iya lissafi, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yi wa mai tsananin fushi nasiha ya san haka. Shi ya sa ake bi ta jiki tukuna.

Ta ɗebo ruwan sanyi a kwano, ta jefa ƙanƙara kaɗan, ta sunkuya, ta riƙe numfashi, ta tsoma fuskarta har gefen kunnuwa na daƙiƙa 15 zuwa 30. Wannan ba camfi ba ne. Allah ya halicci ɗan Adam, kamar sauran dabbobi masu shayarwa, da wani martani na nutsewa cikin ruwa. Idan sanyi ya taɓa goshi da kewayen idanu da kumatu alhali an riƙe numfashi, jijiyoyin fuska na kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta bi ta jijiyar bagus ta rage bugun zuciya, jini ya koma wajen ƙwaƙwalwa da zuciya. Jikin da ke shirin faɗa sai ya ja birki ko mai shi bai so ba. Littafin horon ya ce kada sanyin ruwan ya yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, domin ba azabtar da fata ake nema ba. Wanda ba shi da kwano da ƙanƙara, ledar fiya wata mai sanyi da aka ɗora kan idanu da kumatu, a sunkuye, da numfashi a riƙe, tana yin kusan wannan aiki.

Akwai gargaɗin da bai kamata a tsallake ba. Tunda dabarar rage bugun zuciya take yi da sauri, mai ciwon zuciya, da mai shan maganin da ke rage bugunta kamar wasu magungunan hawan jini, da mai ciwon ƙin cin abinci ko na tilasta wa kai amai, kada su gwada sai da izinin likita.

Ta ɗago, ta auna: 80. Tasirin ruwan ba ya daɗewa, mintoci kaɗan ne, don haka ba ta zauna jira ba. Ta shiga motsa jiki mai ƙarfi, tsalle a wuri ɗaya, hawa da saukar matakala, har gumi ya keto. Ana so a yi kamar minti 20 idan da hali, domin tsoro da fushi sun riga sun cika jiki da ƙarfin gudu ko faɗa, kuma gara a ƙone shi a tsakar gida da a ƙone shi a kan waya. Bayan nan ta zauna ta daidaita numfashi, tana ja daƙiƙa biyar tana saki daƙiƙa bakwai, wato numfashi biyar a minti. Sirrin yana cikin tsawaita fitar numfashi, domin a lokacin fitarsa ne zuciya ke lafawa. Tana yi tana dunƙule hannu da kafaɗa yayin ja, tana sake su yayin fitarwa. Ƙarfe goma saura, ma'auni ya ce 60.

A 60 kai ya fara dawowa. Yanzu ne ta ɗauko takardar da ta rubuta tun ranar da hankalinta ke kwance, wadda ta jera riba da hasarar biye wa zuciya da riba da hasarar dannewa, na yau da na gobe. Ba a rubuta irin wannan takarda cikin rikici, karantawa kawai ake yi. Ta ci abinci. Ta kunna turaren wuta, ta sa karatun da take so, ta hau wanke-wanken da ya taru. Duk wannan kawar da hankali ne da lallashin gaɓoɓin ji, kuma da niyya take yi. Har ta kwanta mijin bai kira ba, tsoron ma bai tafi ba, yana nan wajen 50. Amma ba ta tura saƙon ba, ba ta taɓa jikinta ba. A lissafin DBT wannan dare nasara ce cikakkiya, kuma za ta rubuta shi a katin da take cikewa kullum ta kai wa likitarta.

Da a ce abin ya ƙi sauka, sai ta kira likitar kafin ta aikata komai, a yi mata jagora na 'yan mintoci kan dabarar da za ta gwada. Shirin na da wata doka mai tsauri a nan: wanda ya riga ya ji wa kansa ciwo ba ya samun irin wannan kira na awa 24, sai dai a tabbatar ya sami kulawar gaggawa idan raunin na bukata. An yi haka ne don kulawar likita ta zama ladan neman taimako da wuri.

Inda mutane ke tuntuɓe kuma sananne ne. Wasu ba sa gwada dabarar sai ranar da gobara ta tashi, alhali ana so a maimaita ta cikin kwanciyar hankali har jiki ya haddace. Wasu sukan ce ba ta yi aiki ba saboda ba su ji daɗi ba, bayan ta sauke su daga 95 zuwa 70 kuma ta hana su ɓarna. Kuskure mafi ɓoyuwa shi ne mayar da dabarun gaggawa abincin kullum. Idan matar nan duk lokacin da ta ji wani abu sai ta ruga wurin kwano da wanke-wanke, wata shida ta wuce ba ta taɓa zama da mijinta sun yi maganar shirun da ke firgita ta ba, to ta mayar da magani maɓoya. Alamar haka ita ce rikici iri ɗaya yana dawowa kowane mako ba tare da ya rage ba. Abin da za a iya warwarewa, warware shi ake yi, da dabarun sauran darussan.

Saura abin da ba ya warwaruwa: wanda ya mutu, yarintar da aka riga aka ɓata, auren da ya ƙare. A nan DBT na koyar da karɓar gaskiya ɗungurungum, da kai da zuciya da jiki. Hujjar Linehan ita ce zafi dole ne a rayuwa, amma gardama da abin da ya riga ya faru tana ɗora wata azabar kan zafin. Kuma ba sau ɗaya ake karɓa a gama ba, zuciya na bijirewa, a sake juyo da ita, ko sau ashirin ne a yini. Linehan 'yar ɗarikar Katolika ce da ta yi nazarin tafarkin Zen, daga can ta ɗebo wannan. Bahaushe zai ji ƙanshin haƙuri da yarda da ƙaddara a ciki, kamar yadda zai tuna koyarwar addini cewa mai fushi ya zauna idan a tsaye yake, ko ya yi alwala. Kamar tana nan, amma akwai wurin rabuwa. Haƙurin da ake cewa yi haƙuri don a rufe wa mutum baki, a nuna masa abin da yake ji bai kai ya kawo ba, shi ne ainihin rashin gaskatawar da ke ciyar da ciwon. Karɓar da ake nufi a nan tana farawa da amincewa cewa abin ya yi zafi. Ba kuma yarda da zalunci ba ce. Matar da ake duka, karɓar gaskiya a wurinta ita ce ta daina cewa zai canza gobe, ta nemi mafita.

Bincike ya goyi bayan hanyar, gwargwado. Gwajin farko ya fito a 1991. Wani da aka buga a 2006 kan mata 101 ya nuna waɗanda suka bi DBT sun yi rabin yunƙurin kashe kai na waɗanda wasu ƙwararru suka duba ta wasu hanyoyin. A 2015 Linehan da abokan aikinta suka rarraba shirin don ganin wane sashe ke aiki, suka ga waɗanda aka koya wa dabarun sun fi rage ji wa kai ciwo. Sai dai ba ita kaɗai ba ce. Wani gwaji a Toronto a 2009 ya nuna kulawar likitan ƙwaƙwalwa mai tsari, daga wanda ya san ciwon sosai, ta ba da sakamako daidai da na DBT. Wannan labari ne mai daɗi ga ƙasashen da cikakken shirin ke da wuyar samu. Ƙwaya kuwa, har yau babu wadda aka amince tana warkar da ciwon kansa, sai dai ta taimaka wa abin da ya raka shi, kamar ciwon damuwa.

An daɗe ana ɗaukar bodalayin ciwon da ba ya warkewa, har wasu likitoci na gudun masu shi. Binciken asibitin McLean da ke jihar Massachusetts ya bi marasa lafiya 290 tsawon shekara goma, ya ga fiye da tara cikin goma sun sami aƙalla shekara biyu a jere ba su cika sharuɗɗan ciwon ba. Wajen rabi ne suka haɗa wannan da tsayayyen aiki ko karatu da kyakkyawar hulɗa, abin da ke nuna alamomin sun fi saurin tafiya a kan gyaruwar rayuwa. Haɗarin ma na gaske ne, domin mutuwa ta hanyar kashe kai ta fi yawa ƙwarai cikin masu ciwon a kan sauran jama'a.

Mai karatun da ya ga kansa ko wani nasa a wannan bayani kada ya yanke wa kowa hukunci daga shafin mujalla, tantance ciwon aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Duk wanda ya ce zai kashe kansa, ko aka ga sabon rauni a jikinsa, a ɗauki maganar da gaske, a kawar da magunguna da guba da makamai daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.